Hanyar ɓawon silinda (juyawa a kan layin y)

Hanyar ɓawon silinda wata dabara ce a ilimin kalkulas da ake amfani da ita wajen gano girman cikin daskararren abin da ke samuwa idan aka juya wani shimfiɗaɗɗen fili a kewayen miƙaƙƙen layi. A wannan hanya, ana ɗaukar abin a matsayin tarin siraran silindoji marasa ciki, ɗaya a cikin ɗaya kamar ɓawon albasa, sannan a tara girmansu ta hanyar intigiral. Idan filin yana ƙarƙashin lanƙwasar y = f(x), tsakanin x = a da x = b, kuma aka juya shi a kewayen layin y, girman cikin abin shi ne:

V = 2π ∫ₐᵇ x·f(x) dx

Ƙa'idar tana aiki ne a wannan siffa idan 0 ≤ a < b, kuma f ba ta yankewa, ba ta kuma sauka ƙasa da sifili a tsakanin a da b. Babban amfaninta shi ne tana ba da damar yin aiki da f(x) yadda aka bayar da ita. Ɗaya hanyar da aka sani, wato hanyar faifai, tana buƙatar a fara juya lissafin a samo x daga y, kuma sau da yawa hakan yana da wahala, wani lokaci ma ba ya yiwuwa.

## Ma'anar kalmomi

Layin x shi ne layin da ke kwance a kan takardar zane, layin y kuma shi ne wanda ke tsaye. Idan aka ɗauki wani fili da ke dama da layin y, aka zagaya da shi zagaye ɗaya cikakke a kewayen layin, wurin da ya ratsa a sarari shi ake kira jikin juyawa. Kwano, bokiti, bututu, ƙwallo da tayar mota duk suna da irin wannan siffa: duk inda aka yanka su a kwance, da'ira ko zobe ake samu.

Girman ciki yana nufin yawan sararin da abu ya mamaye, kuma ana auna shi da santimita kubik, mita kubik ko lita. Radiyos shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar da'ira da bakinta. Ɓawon silinda kuwa silinda ne da aka rarake cikinsa, kamar guntun bututun ruwa ko jikin gwangwanin da aka cire wa marfi da gindi. Yana da radiyos na ciki, radiyos na waje, da tsayi.

## Girman ɓawo guda ɗaya

Tushen hanyar gaba ɗaya shi ne girman ɓawo guda. A ce radiyos na waje R ne, na ciki r, tsayi kuma h. Girman ɓawon shi ne girman babban silinda idan aka cire girman ramin:

V = πR²h − πr²h = π(R + r)(R − r)h

Ana iya sake tsara wannan sakamako kamar haka:

V = 2π · ((R + r)/2) · h · (R − r)

A nan, (R + r)/2 shi ne matsakaicin radiyos, wato nisan da ke tsakanin layin tsakiya da tsakiyar bangon ɓawon, R − r kuma shi ne kaurin bangon. Ke nan girman ɓawo shi ne kewayensa sau tsayinsa sau kaurinsa, muddin da matsakaicin radiyos aka auna kewayen.

Misali, guntun bututun kankare mai radiyos na ciki santimita 9, na waje santimita 11, da tsayi santimita 30. Ta hanyar cirewa, girmansa π(121 − 81)(30) = 1200π. Ta hanyar ɓawo, matsakaicin radiyos 10 ne, kauri 2, don haka 2π × 10 × 30 × 2 = 1200π. Amsoshin biyu ɗaya ne, kimanin santimita kubik 3,770.

Akwai wata hanyar ganin dalilin haka. Idan aka tsaga siririn gwangwani daga sama zuwa ƙasa aka miƙe shi, zai zama falle mai kusurwa huɗu. Tsawon fallen shi ne kewayen gwangwanin, 2π sau radiyos. Faɗinsa shi ne tsayin gwangwanin. Kaurinsa kuma kaurin ƙarfen. Girman falle irin wannan shi ne tsawo sau faɗi sau kauri.

## Yadda ake samo ƙa'idar

Ana raba tazarar da ke tsakanin a da b zuwa ƙananan yankuna n masu faɗi ɗaya, kowane yana da faɗi Δx = (b − a)/n. A kan kowane yanki ana tsayar da siririn ziri mai kusurwa huɗu, wanda tsayinsa ya kai lanƙwasar a daidai tsakiyar yankin. Idan aka kira tsakiyar yanki na i da xᵢ, tsayin zirin f(xᵢ) ne.

Zirin yana tsaye ne, a jere da layin y, bai gicciye shi ba. Saboda haka idan ya zagaya layin, ba faifai yake haifarwa ba, ɓawon silinda yake haifarwa. Matsakaicin radiyos na ɓawon shi ne nisan zirin daga layin y, wato xᵢ. Tsayinsa f(xᵢ), kaurinsa Δx. Girmansa ke nan 2π·xᵢ·f(xᵢ)·Δx.

Zirin da ke kusa da layin y yana ba da ƙaramin ɓawo a can ciki, wanda ke nesa kuma yana ba da babba a waje. Ɓawon ba sa shiga juna kuma ba sa barin giɓi a tsakani, domin bangon waje na kowane ɗaya shi ne bangon ciki na mai bi masa. Jimillarsu ita ce:

V ≈ Σ 2π·xᵢ·f(xᵢ)·Δx

Wannan ƙiyasi ne kawai, saboda saman kowane ziri a miƙe yake alhali ainihin filin a lanƙwashe yake. Amma yayin da aka ƙara yawan yankunan, faɗin kowane yana raguwa, kuskuren kuma yana ƙanƙancewa. Jimilla irin wannan ita ake kira jimillar Riemann, kuma iyakar da take nufa idan n ya ƙaru ba ƙarshe ita ce intigiral ɗin 2π ∫ₐᵇ x·f(x) dx.

Kowane ɓangare na ƙa'idar yana da ma'anarsa: x radiyos ne, 2πx kewaye, f(x) tsayi, dx kuma kauri. Wanda ya riƙe wannan fassara zai iya gyara ƙa'idar da kansa idan layin juyawa ko siffar filin ta canza.

## Cikakken misali

A ɗauki filin da ke tsakanin lanƙwasar y = 3x − x² da layin x. Ana son girman abin da zai fito idan aka juya shi a kewayen layin y.

Matakin farko shi ne gano iyakokin filin. Lanƙwasar tana taɓa layin x a inda 3x − x² = 0, wato x(3 − x) = 0, don haka x = 0 da x = 3. Tsakanin waɗannan wurare biyu tana sama da layin x, kuma ƙololuwarta tana a x = 1.5, inda y = 2.25. Filin yana kama da ɗan tudu. Idan ya zagaya layin y, yana haifar da abu mai kama da zoben tudu, wanda tsakiyarsa ta lotsa kamar mazurari har ƙasa.

Mataki na biyu shi ne bayyana ziri guda. A kowane x tsakanin 0 da 3, radiyos x ne, tsayi kuma 3x − x².

Mataki na uku shi ne rubuta intigiral ɗin da warware shi:

V = 2π ∫₀³ x(3x − x²) dx = 2π ∫₀³ (3x² − x³) dx

Intigiral na 3x² shi ne x³, na x³ kuma x⁴/4. Saboda haka:

V = 2π [x³ − x⁴/4]₀³ = 2π(27 − 81/4) = 2π(27/4) = 27π/2

Girman ke nan 13.5π, kimanin 42.41. Idan da santimita aka auna x da y, amsar santimita kubik 42.41 ce.

### Ƙiyasi da ɓawo kaɗan

Ana iya ganin yadda jimillar ke kusantar wannan amsa ta hanyar lissafa ta da hannu. Da ɓawo uku, kowane mai kauri 1, tsakiyoyin yankunan su ne 0.5, 1.5 da 2.5, tsayin ziraran kuma 1.25, 2.25 da 1.25. Ziri na farko da na uku tsayinsu ɗaya, amma girman ɓawonsu ba ɗaya ba ne: na farko yana ba da 2π × 0.5 × 1.25 = 1.25π, na uku kuma 2π × 2.5 × 1.25 = 6.25π, wato ninki biyar, domin ya fi nisa da layin juyawa har sau biyar. Na tsakiya yana ba da 6.75π. Jimilla 14.25π.

| Yawan ɓawo | Kaurin kowane | Jimilla | Kimanin |
|---|---|---|---|
| 3 | 1 | 14.25π | 44.77 |
| 6 | 0.5 | 13.6875π | 43.00 |
| 12 | 0.25 | 13.546875π | 42.56 |
| intigiral | | 13.5π | 42.41 |

A wannan misali, duk lokacin da aka ninka yawan ɓawon sau biyu, kuskuren yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake: daga 0.75π zuwa 0.1875π, sannan zuwa 0.046875π.

## Kwatanci da hanyar faifai

A hanyar faifai, ana yanka abin ne a gicciye da layin juyawa. Idan layin y ne, yankan yana kwance, kuma kowane yanki faifai ne, ko kuma faifai mai rami a tsakiya kamar washar da makanikai ke sa wa noti. Kaurin yankin dy ne, don haka dole a bayyana radiyos na ciki da na waje ta fuskar y.

A misalin da ya gabata, hakan yana nufin warware y = 3x − x² don samo x. Sakamakon rassa biyu ne: radiyos na waje R = (3 + √(9 − 4y))/2, na ciki kuma r = (3 − √(9 − 4y))/2. Faɗin kowane washa π(R² − r²) ne, kuma tun da R + r = 3, R − r kuma √(9 − 4y), faɗin ya zama 3π√(9 − 4y). Iyakokin yanzu na y ne, daga 0 zuwa 2.25:

V = 3π ∫ √(9 − 4y) dy = 3π × 4.5 = 13.5π

Amsar ta yi daidai da ta farko, kamar yadda ya wajaba, tun da abu ɗaya aka auna. Sai dai aikin ya fi tsawo: an nemo ƙololuwar lanƙwasar, an warware lissafin kwadiratik, an bambance rassa biyu, sannan aka yi intigiral mai ɗauke da tushen murabba'i.

Akwai inda juya lissafin ba ya yiwuwa ta hanyoyin aljabara na yau da kullum. A ɗauki filin da ke ƙarƙashin y = x + x⁵ daga x = 0 zuwa x = 1. Babu wata ƙa'ida ta tarawa, ninkawa, rabawa da cire tushe da za ta ba da x daga y a lissafin x⁵ + x = y ga kowane y. Hanyar faifai za ta yi tuntuɓe tun a matakin farko. Hanyar ɓawo kuwa layi ɗaya take buƙata:

V = 2π ∫₀¹ (x² + x⁶) dx = 2π(1/3 + 1/7) = 20π/21

wato kimanin 2.99.

Wannan ba ya nufin hanyar ɓawo ta fi a kowane hali. Idan an bayar da iyakar filin a siffar x = g(y) tun farko, kuma layin y ne ake juyawa a kai, hanyar faifai ce ta fi dacewa. Haka nan, ninka f(x) da x yana iya tsananta intigiral ɗin. Ga y = sin x daga 0 zuwa π, misali, ana samun intigiral na x·sin x, wanda sai an bi dabarar intigiral kashi-kashi kafin a kai ga amsar 2π². Abin da ake dubawa wajen zaɓi shi ne wace irin yanka ce za ta ba da tsayi ko radiyos mai sauƙin rubutawa: ziri a jere da layin juyawa yana ba da ɓawo, ziri a gicciye da shi yana ba da faifai.

## Fili tsakanin lanƙwasa biyu

Idan filin ba a kan layin x yake zaune ba, yana tsakanin lanƙwasar sama y = f(x) da ta ƙasa y = g(x), abin da ke canzawa kawai shi ne tsayin zirin, wanda ya zama f(x) − g(x):

V = 2π ∫ₐᵇ x·(f(x) − g(x)) dx

Misali, filin da ke tsakanin miƙaƙƙen layin y = 2x da lanƙwasar y = x². Suna haɗuwa a inda 2x = x², wato x = 0 da x = 2. Don sanin wanne ne a sama, ana gwada wani x a tsakani: a x = 1, layin yana ba da 2, lanƙwasar tana ba da 1, don haka layin ne a sama. Saboda haka:

V = 2π ∫₀² x(2x − x²) dx = 2π(16/3 − 4) = 8π/3

Idan lanƙwasan biyu suka gitta juna a cikin tazarar, ta sama ta koma ƙasa, sai an raba intigiral ɗin a wurin gittawar, a yi kowane kashi da nasa tsayi, sannan a tara.

## Juyawa a kan wani layi tsayayye

Layin y shi ne layin x = 0. Idan aka juya filin a kewayen wani layi tsayayye, x = c, tsayin ziraran ba ya canzawa, iyakokin ma ba sa canzawa. Radiyos ne kaɗai ke canzawa: x − c idan layin yana hagu da filin, c − x idan yana dama da shi.

Idan aka juya tudun y = 3x − x² a kewayen x = −1, kowane ziri ya ƙara nisa da 1, radiyos ya zama x + 1. Intigiral na (x + 1)(3x − x²) daga 0 zuwa 3 shi ne 27/4 + 9/2 = 45/4, girman kuma 2π × 45/4 = 22.5π. Ƙarin 9π da aka samu a kan 13.5π na farko shi ne 2π sau faɗin filin, wanda yake 4.5.

## Ƙwallo mai huji

Hanyar ɓawo ta dace sosai da abubuwan da aka huda ta tsakiya, domin hujin yana canza iyakar ƙasa ta intigiral ne kawai. A ɗauki ƙwallo mai radiyos R. A nisan x daga layin y, tsayin ɓawon shi ne 2√(R² − x²). Intigiral daga 0 zuwa R yana ba da sananniyar ƙa'idar nan 4πR³/3.

Idan aka huda ƙwallon daga sama zuwa ƙasa da rami mai radiyos a, kamar yadda ake huda ƙwayar carbi, duk ɓawon da radiyos nasu bai kai a ba sun fita. Sai a fara intigiral ɗin daga a:

V = 2π ∫ₐᴿ 2x√(R² − x²) dx = (4π/3)(R² − a²)^(3/2)

Tsayin abin da ya rage shi ne h = 2√(R² − a²), kuma idan aka saka wannan a cikin amsar, sai ta koma V = πh³/6. R da a duk sun ɓace. Ma'ana, zobba biyu da aka samu ta wannan hanya, idan tsayinsu ɗaya ne, girmansu ma ɗaya ne, ko da ɗaya daga ƙaramin ƙwallo aka fitar da shi, ɗayan daga ƙato. Zoben babban ƙwallon ya fi faɗin kewaye, amma bangonsa ya fi siranta, kuma bambancin biyun suna share juna daidai.

## Kurakuran da aka fi yi da yadda ake gane su

Mantawa da radiyos. Idan aka rubuta 2π ∫ f(x) dx ba tare da x ba, abin da aka lissafa 2π sau faɗin fili ne, ba girman ciki ba. Ana gane wannan ta duba ma'auni: girman ciki yana buƙatar tsawo uku a ninke, wato radiyos, tsayi da kauri. Idan biyu kaɗai suka bayyana, an bar ɗaya a baya.

Cakuɗa iyakoki. A juyawa kan layin y ta hanyar ɓawo, intigiral ɗin na dx ne, iyakokinsa kuma na x. Ɗalibai da yawa suna ganin an ambaci layin y sai su ɗauko iyakokin y. A misalin tudu, iyakokin 0 da 3 ne, ba 0 da 2.25 ba.

Juya sama da ƙasa. Idan aka cire lanƙwasar sama daga ta ƙasa, amsar za ta fito ƙasa da sifili, kamar −8π/3. Girman ciki ba ya zama ƙasa da sifili, don haka alamar ragi tana nuna cewa akwai matsala. Haka abin yake idan f(x) ta sauka ƙarƙashin layin x a wani sashe: tsayin ziri a wurin −f(x) ne. Wannan ya fi haɗari, domin sashen da ke ƙasa yana iya rage jimillar kawai, amsar ta fito sama da sifili amma ba daidai ba.

Filin da ya ƙetare layin juyawa. A ɗauki filin da ke ƙarƙashin y = 4 − x² daga x = −2 zuwa x = 2. Idan aka saka waɗannan iyakoki kai tsaye, intigiral ɗin yana ba da sifili, saboda a hagu x ƙasa da sifili yake, kuma ɓangarorin biyu suna share juna. Idan kuma aka lissafa kowane ɓangare daban aka tara, za a sami 16π, wanda ya ninka gaskiya sau biyu, domin ɓangaren hagu yana ratsa ainihin wurin da na dama ya riga ya ratsa. Daidai shi ne a ɗauki rabi ɗaya, daga 0 zuwa 2, a sami 2π(8 − 4) = 8π. Idan ɓangarorin biyu ba su yi daidai da juna ba, a kowane radiyos ana ɗaukar duk wurin da ɗaya daga cikinsu ya ratsa, sau ɗaya tak.

## Hanyoyin tabbatar da amsa

Hanya mafi sauƙi ita ce kwatanta amsar da silindan da ya kewaye abin. Tudun y = 3x − x² yana cikin silinda mai radiyos 3 da tsayi 2.25, wanda girmansa 20.25π ne. Amsar 13.5π ta gaza haka, kuma kashi biyu cikin uku ce tasa, abin da ya dace da siffar. A misalin y = 4 − x² kuwa, silindan da ya kewaye abin girmansa 16π ne, don haka amsar 16π ba za ta yiwu ba, tun da abin bai cika silindan ba. Amsar 8π rabin silindan ce, kuma tun zamanin Archimedes aka san cewa irin wannan siffa rabin silindan da ya kewaye ta ce.

Hanya ta biyu ita ce ƙa'idar Pappus, wadda aka danganta ga Pappus na Iskandariyya, kuma Paul Guldin ya sake bayyana ta a ƙarni na 17. Ƙa'idar tana cewa girman jikin juyawa shi ne faɗin filin sau nisan da cibiyar nauyinsa ta yi a zagaye ɗaya, da sharaɗin layin juyawa bai ratsa filin ba. Faɗin tudun 4.5 ne, kuma tun da gefensa biyu daidai suke, cibiyar nauyinsa tana a x = 1.5. Nisan zagayenta 2π × 1.5 = 3π, girman kuma 3π × 4.5 = 13.5π. A juyawa kan x = −1, nisan cibiyar daga layin 2.5 ne, sai a sami 5π × 4.5 = 22.5π. Dacewar ba sa'a ba ce: intigiral na x·f(x), idan aka raba shi da faɗin filin, shi ne ainihin ma'anar matsayin cibiyar nauyi a kan layin x, don haka ƙa'idar Pappus da ƙa'idar ɓawo magana ɗaya suke yi.

## Tarihi

Tunanin yanka abu zuwa siraran sassa don auna shi ya girmi kalkulas. A shekarar 1615, Johannes Kepler ya wallafa littafi kan auna girman gangunan ruwan inabi, inda ya lissafa girman jikin juyawa iri-iri. A 1635, Bonaventura Cavalieri ya wallafa hanyarsa ta ɗaukar daskararren abu a matsayin tarin shimfiɗaɗɗun yankuna.

Evangelista Torricelli, masanin Italiya wanda aka fi sani da ƙirƙiro ma'aunin nauyin iska, ya faɗaɗa hanyar Cavalieri zuwa lanƙwasassun yankuna, ciki har da fuskokin silinda ɗaya cikin ɗaya. Da su ya nuna, a aikin da ya wallafa a 1644, cewa abin da ba shi da iyakar tsawo yana iya samun ƙayyadadden girman ciki. A rubutun zamani, hujjar tana da sauƙin bi. A ɗauki filin da ke ƙarƙashin y = 1/x daga x = 0 zuwa x = 1. Yayin da x ke kusantar sifili, tsayin yana ƙaruwa ba iyaka, don haka abin da juyawa ke haifarwa yana da siririn tsini da ke tafiya sama ba ƙarshe. Amma faɗin fuskar kowane ɓawo 2πx × (1/x) = 2π ne, ko wane x aka ɗauka: gwargwadon yadda ɓawon ya yi tsawo, haka ya tsuke. Tara 2π daga 0 zuwa 1 yana ba da 2π. Daga ciki, π girman silindan gindi ne, mai radiyos 1 da tsayi 1, sauran π kuma girman tsinin ne, wanda a yau ake kira ƙahon Jibrilu ko kakakin Torricelli. Sakamakon ya ba masanan lokacin mamaki, ya kuma tayar da muhawara kan ma'anar rashin iyaka.

Bayan Isaac Newton da Gottfried Leibniz sun kafa kalkulas a rabi na biyu na ƙarni na 17, irin waɗannan lissafe-lissafe sun koma ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya ta intigiral. Alamar ∫ da ake rubuta ƙa'idar ɓawo da ita Leibniz ne ya fara amfani da ita a 1675. A yau ana koyar da hanyar ɓawon silinda tare da hanyar faifai a darussan kalkulas na farko a jami'a, a babin amfanin intigiral.